Sigarin Lantarki a Aljihun Yaro: Yadda Ake Kamuwa da Yadda Iyaye Za Su Gane

A da, uwa ba ta buƙatar kowa ya tsegunta mata cewa ɗanta ya fara shan taba. Rigarsa za ta faɗa mata, bakinsa ma zai faɗa mata. Sigarin lantarki ya rufe wannan ƙofar. Ba ashana, ba toka, ba guntun kara a bayan ɗaki, kuma ƙamshin da yake bari na mangwaro ne ko kankana ko na'a-na'a, cikin ɗan lokaci ya baje. Yaro zai iya zuƙa a banɗaki, ya fito ya zauna a tabarma ɗaya da mahaifinsa, ba wanda ya lura.

Na'urar kanta ba ta da wani sarƙaƙiya. Ɗan batir ne, da siririyar waya mai zafi, da wani ruwa mai ɗan kauri. Idan aka zuƙa, wayar ta ɗumama ruwan ya zama hazo, hazon ya shiga huhu. Yara kan ce ai tururin ruwa ne kawai. Ba haka ba ne. A cikin ruwan akwai sinadaran da ke yin hazon, da na ɗanɗano, sannan kusan koyaushe akwai nikotin, wato sinadarin nan na ganyen taba da ke hana mashayin sigari dainawa.

Wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙirƙiro irin wannan na'ura a 2003, da nufin samar wa manya masu shan taba abin da bai kai sigari illa ba. Ga babban mutum da ya daɗe yana shan sigari, komawa ga na lantarki gaba ɗaya yana rage masa gubar da hayaƙin ƙonannen ganye ke ɗauke da ita. Wannan gaskiya ce, kuma yaro mai wayo zai jefo wa iyayensa ita a gardama. Amma ɗan shekara goma sha biyar da bai taɓa shan taba ba, babu abin da yake ragewa. Ƙari kawai yake yi.

Abin da ya faru a Amurka ya isa darasi. A 2015 aka fito da Juul, 'yar siririyar na'ura da ake cajinta a jikin kwamfuta. Masu ita sun sarrafa nikotin ta yadda ba ya ƙona maƙogwaro, don haka suka iya zuba shi da yawa, kashi 5 cikin ɗari. Kamfanin da kansa ya ce ƙaramin kwanson ruwa ɗaya daidai yake da kwalin sigari mai kara 20. Wannan laushin shi ne tarkon. Karan sigari na farko yakan sa yaro tari da jiri da tashin zuciya, da yawa daga nan suke tuba. A nan kuwa zuƙar farko zaƙi ce da sanyi. Zuwa 2019, binciken da gwamnatin Amurka ke yi duk shekara ya nuna kashi 27.5 cikin ɗari na ɗaliban babbar sakandare sun sha a cikin kwana 30 da suka gabaci tambayar. A 2022 kamfanin ya amince ya biya jihohi fiye da 30 kimanin dala miliyan 438 kan zargin tallata hajarsa ga yara. Birtaniya ma, da ta ga yadda masu arha, irin waɗanda ake sha a jefar, suka cika jakunkunan 'yan makaranta, sai ta haramta sayar da su daga 1 ga Yuni, 2025.

A garuruwanmu shisha ce ta share hanya. Ita ta koya wa samari da 'yan mata cewa hayaƙi mai ƙamshin 'ya'yan itace ado ne, ba shaye-shaye ba. Sigarin lantarki ya zo a matsayin shishar da ke shiga aljihu, ba tukunya, ba gawayi. Yawanci yaro ba ya fara da saye. Aboki ne ke miƙo masa a majalisa, ko a ɗakin kwanan ɗalibai, ko wajen biki, ya ce ɗan ɗana ka ji. Ƙin karɓa kuma ƙauyanci ne a idon tsara. Akwai kuma waɗanda damuwa ke kaiwa: fargabar jarrabawa, rigimar gida, kaɗaici. Waɗannan sun fi wuyar rabuwa da shi, domin su a ganinsu magani suka samu.

To, nikotin nawa yaron ke sha? Amsar tana rubuce a jikin kwalin. Idan aka ga `20mg/ml` ko `2%`, kowane mililita na ruwan yana ɗauke da miligiram 20. Ƙaramar na'ura mai mililita 2, wadda ake rubuta wa zuƙa 600, tana da miligiram 40 ke nan, kuma wannan ne iyakar ƙarfin da dokar Birtaniya da ta Tarayyar Turai suka yarda da shi. Manyan da ake rubuta wa zuƙa dubu-dubu sukan zo da `5%` ko `50mg/ml`. Idan ruwan mililita 10 ne, miligiram 500 ke ciki. Karan sigari ɗaya kuwa abin da yake kai wa jinin mai sha bai fi miligiram 1 zuwa 2 ba. Ba duk abin da ke cikin na'urar ne ke shiga jini ba, wani yana fita da numfashi, wani yana saura a ciki. Amma ko rabi aka ɗauka, yaron da ke ƙarar da babbar cikin mako biyu yana shan nikotin kwatankwacin na wanda ya riƙa a shan sigari. Ga shi kuma kara yana ƙarewa, mai sha ya san ya sha ɗaya ko biyu. Na'ura ba ta da wannan ma'aunin, sai dai a yi ta zuƙa har ta mutu.

Nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi, ya sa mutum jin daɗi da natsuwa na ɗan lokaci. Bayan kamar awa biyu rabinsa ya bar jini. A jikin wanda ya saba, wannan raguwar ce ke zuwa da ƙunci da rashin sukuni, sai ya sake zuƙa ya ji ya dawo daidai. Shi ya sa yaro zai rantse cewa abin yana kwantar masa da hankali, alhali tashin hankalin da yake kwantarwa shi ya haddasa shi. Ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, musamman ɓangaren da ke kula da kame kai da tsai da hankali, saboda haka matashi ya fi babba saurin kamuwa. Wasu alamun suna bayyana tun kafin ya fara sha kullum.

A ɗauki misalin yaro ɗan aji biyar na sakandare. Da asuba, kafin alwala, sai ya daɗe a banɗaki. Wannan ita ce alama mafi ƙarfi: wanda yake neman zuƙa cikin rabin awa da farkawa, jikinsa ne ke nema, ba gayu ba. A makaranta darasi biyu suka wuce sai ya fara mutsu-mutsu yana neman izinin fita. Idan aka yi tafiya mai nisa da shi a mota ɗaya da iyaye, sai ya dinga fushi ba dalili, a tsaya shan mai ya ɓace, ya dawo da fara'a. Watan azumi yakan tona asiri fiye da komai: ciwon kai da zafin rai da rana wanda ya wuce na yunwa, sannan ana kiran magariba ya kurɓi ruwa ya bar abinci ya shige ɗaki. Sauran alamun sun haɗa da yawan ƙishi da bushewar baki, tari, katsewar barci, saurin haki a filin ƙwallo, kuɗin tara da ba sa isa, da ƙamshin alewa a ɗakin da babu alewa. Ko ɗaya daga cikinsu ba hujja ba ce ita kaɗai, don samartaka ma tana zuwa da fushi da ɓoye-ɓoye. Abin lura shi ne tsarin: ƙunci, ɓacewa na minti biyar, sannan walwala, a maimaita bayan awa ɗaya ko biyu.

Ranar da aka tsinci na'urar a aljihun wando, abin da zai fara zuwa wa uba shi ne bulala, uwa kuma kuka. A ganina duka biyun sai a dakata da su. Duka yana koya wa yaro iya ɓoyo ne, ba ya cire nikotin daga jininsa, kuma wanda aka ƙwace wa ɗaya gobe zai ari ta aboki. Tona shi a gaban ƙanne ko baƙi ya fi dukan muni. A bari zuciya ta huce, a keɓe da shi, a fara da tambaya. Uba zai iya cewa, "Na ga abin nan a aljihunka. Ba faɗa na kira ka in yi ba. Tun yaushe, kuma da ka tashi da safe yaushe kake fara sha?" Idan yaron ya ce, "Wallahi Baba, duk ranar da na ga dama zan bari," kada a ƙaryata shi. A ce to madalla, mu gwada kwana uku. Idan ya iya ba tare da wahala ba, an tari abin da wuri, sai a mai da hankali kan abokai da inda yake samu. Idan ya kasa, shi da kansa ya ga abin da ba zai yarda da shi daga bakin kowa ba. Yin magana a hankali ba ya nufin an yarda. Dokar gida ta fito fili: ba a sha, ba a ajiyewa, kuma kuɗin kashewa za a riƙa bin sawunsu.

Sannan a sa rana tare, a fitar da duk na'urori da caja daga gidan. A gaya masa gaskiyar abin da ke tafe: kwana biyu zuwa uku na farko su ne mafi tsanani, da fushi da ciwon kai da rashin barci da yawan ci, sannan ya dinga sauƙi cikin mako biyu zuwa huɗu. Kowace sha'awa idan ta taso minti kaɗan take yi ta kwanta, don haka ruwan sanyi, asuwaki, cingam ko zagaya unguwa da sauri suna iya tsallakar da shi. Kada a sa ranar a makon jarrabawa. Mutanen gida su yi haƙuri da halinsa a kwanakin nan. Idan ya koma, ba a rushe ba, yawancin masu dainawa sai sun gwada fiye da sau ɗaya. A tambaye shi ina ne, da wa, me ya faru kafin nan, a toshe wannan kafar. Uban da ke shan taba ko yayan da ke busa shisha a tsakar gida kuwa, su san cewa wa'azinsu ba zai shiga ba.

Akwai inda dabarar gida take tsayawa. Yaron da ke farkawa cikin dare don ya zuƙa, ko ya gwada sau da yawa ya kasa, ko aka ga alamun baƙin ciki mai tsanani, a kai shi wurin likita. Akwai cingam da filastar nikotin da ke rage raɗaɗin dainawa, a Birtaniya ana ba da su tun daga shekara 12, amma likita ne zai tsara adadin, ba mai kemis na bakin layi ba. Kada kuma a bar shi ya maye gurbin na'urar da karan sigari, wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Idan aka ga haki, ciwon ƙirji, zazzaɓi da amai ga mai sha, asibiti za a nufa nan take, a kuma gaya wa likita abin da yake sha. Daga 2019 zuwa farkon 2020 mutum fiye da 2,800 aka kwantar a Amurka da ciwon huhu irin wannan, 68 suka mutu, kuma yawancinsu ruwan da aka haɗa da sinadarin wiwi suka saya a bayan fage. Don haka a tambayi yaro ko akwai abin da ake ƙara masa a ciki.

Na'urar da aka karɓe kuma kada a jefa ta a durowa ko kwandon shara inda ƙananan yara ke kaiwa. Ruwanta yana ƙamshin alewa, kuma kaɗan daga cikinsa ya isa ya zama guba ga ɗan shekara biyu.