BAYANI: Yadda ake fitar da bidiyon da aka sauya wa fuska zuwa WhatsApp ba tare da ya lalace ko ya tona asirin mai shaida ba

A shekarar 2020, fim ɗin Welcome to Chechnya na David France ya nuna wa 'yan jarida wata sabuwar hanyar kare waɗanda ke ba da shaida. Maimakon a rufe fuskokinsu da duhu, sai aka ɗora musu fuskokin wasu 'yan sa-kai da suka amince a yi hakan. Mai kallo yana ganin tsoro da hawaye, amma ba ya ganin ainihin mai su.

Manhajojin sauya fuska yanzu sun iso kwamfutocin masu tace bidiyo da wayoyin matasa a Fagge da Sabon Gari. Sai dai a Kano ba a sinima ake kallon irin wannan aiki ba. A WhatsApp yake yawo, kuma a nan ne aikin da aka kwana ana yi yake lalacewa cikin daƙiƙa kaɗan: gefen fuska ya riƙa rawa, kumatu su farfashe gida-gida, launin goshi ya saɓa da na wuya.

Wannan lalacewa ba ta tsaya ga muni ba. Kanawa ba su manta da watan Oktoban 2018 ba, lokacin da jaridar Daily Nigerian ta wallafa bidiyon da ta ce yana nuna gwamnan wancan lokaci, Abdullahi Umar Ganduje, yana karɓar daloli, gwamnatinsa kuma ta musanta, ta ce haɗa shi aka yi. Tun daga nan, duk bidiyon da ya taɓa masu mulki sai an tuhumi sahihancinsa, kuma tabo ɗaya a hoto ya ishi mai neman hujjar ƙaryata rahoto.

Me ya sa fuskar ce ke fara lalacewa?

Bidiyon da ke cikin waya matsattse ne. Tsarin H.264, wanda kusan kowace waya ke iya kunnawa, yana rarraba hoto zuwa ƙananan murabba'ai masu fiksel 16 a tsaye da 16 a kwance, sannan ya zubar da bayanan da ido ba zai yi saurin lura da rashinsu ba. Abin da aka zubar ba ya dawowa. Kowace sabuwar matsa tana ɗora asararta a kan ta baya, kamar takardar da ake ta yi wa hoton kwafi daga wani kwafin.

Fuskar da aka ɗora ta fi sauran hoton rauni saboda dalilai biyu. Na farko, fatarta ta fi ta gaske sulɓi, kuma wuri mai sulɓi shi ne inda launi ke rarrabuwa layi-layi idan bayanai suka yi ƙaranci. Na biyu shi ne mahaɗa, wato iyakar da sabuwar fuska ta haɗu da gashi, kunne, hula ko bakin hijabi. An narkar da wannan iyaka ne a hankali, matsa mai tsanani kuma tana mayar da ita kaifaffen layi mai kyarma.

Saboda haka ƙa'idar guda ɗaya ce: a matse sau ɗaya, daga tsabtataccen asali, zuwa girman da manhajar saƙo ba za ta sake yi masa babbar illa ba. Mai tacewa ya ajiye aikinsa a fayil mai nauyi irin ProRes, ko a jerin hotuna na PNG. Idan ya ajiye su a JPEG, ya riga ya yi matsar farko tun kafin ya fara fitarwa.

Misali: shaidar daƙiƙa 90

A ɗauka wata 'yar kasuwa a Sabon Gari ta amince ta bayyana yadda aka raba kuɗi ranar zaɓe a unguwarsu, da sharaɗin ba za a gane ta ba. Wata kuma ta ba da izini a rubuce a yi amfani da fuskarta. An ɗauki bidiyon a tsaye, faɗinsa fiksel 1080, tsawonsa 1920, hotuna 30 a kowace daƙiƙa. Ɗakin labarai yana so kada fayil ɗin ya wuce megabait 15, domin mai ƙaramar data ya iya sauke shi.

Lissafin ba shi da wuya. Megabait 15 sau 8 ya ba da megabit 120, wato kilobit 120,000. Idan aka raba su ga daƙiƙa 90, kowace daƙiƙa ta samu kusan kilobit 1,333. Murya za ta ɗauki 96, don haka a ba hoto 1,200, ragowar ya zama rara.

Tambayar ita ce fiksel nawa za su raba wannan kaso. Hoto mai 1080 da 1920 yana da fiksel sama da miliyan biyu. Mai 720 da 1280 yana da 921,600, ƙasa da rabin wancan. Tuwon ɗaya ne, masu cin ne suka ragu, kowa kuma ya samu fiye da ninki biyu. Shi ya sa ƙaramin hoto mai wadatar bayanai yakan fi babban hoto mayunwaci kyau a fuskar waya. Da manhajar FFmpeg, wadda kyauta ce, umarnin zai kasance haka:

```
ffmpeg -i asali.mov -vf "scale=720:1280:flags=lanczos,format=yuv420p" \
 -c:v libx264 -preset slow -b:v 1200k -c:a aac -b:a 96k \
 -map_metadata -1 -movflags +faststart fita.mp4
```

Kalmar `slow` tana ba kwamfuta lokaci ta nemi hanyar matsawa mafi ƙarancin asara. Ita kuwa `yuv420p` ita ce tsarin launin da tsofaffin wayoyi ke ganewa. Sakamakon zai kai kusan megabait 14 da rabi. Wanda bai saba da rubuta umarni ba zai iya shigar da waɗannan alkaluma a HandBrake.

Abubuwa biyu kan ɓata aikin ko da lissafin ya yi daidai. Wayoyi da dama ba sa ɗaukar hotuna da adadi tsayayye, sukan rage idan haske ya yi ƙasa. Idan ba a daidaita adadin zuwa 30 tun kafin sauya fuskar ba, baki zai riƙa saɓa wa murya, saɓanin kuma yana ƙaruwa zuwa ƙarshen bidiyon. Na biyu shi ne ɗauka da HDR. Idan aka mayar da irin wannan bidiyo zuwa na yau da kullum ba tare da juya launinsa yadda ya kamata ba, fata takan koɗe ta yi toka-toka. Mafi sauƙi shi ne a kashe HDR a wayar kafin a fara ɗauka.

Ƙofa uku ta WhatsApp

Bidiyon da aka tura ta hanyar da aka saba, manhajar takan sake matse shi ta rage girmansa. Zaɓin HD, wanda aka ƙara a 2023, yana barin hoto ya kai 720, amma shi ma matsa ce. Hanyar Document kaɗai ke isar da fayil yadda yake, har zuwa gigabait 2. Ita ce ta dace a aika wa edita, lauya ko masu binciken gaskiyar labari. Ga jama'a kuwa, a zaɓi HD.

Hanyar Document tana da tarko. Tun da ba ta taɓa fayil ɗin, tana tafiya da bayanan da ke ɓoye a cikinsa: ranar ɗauka, samfurin waya, wani lokaci har da wurin da aka tsaya. Ga mai shaida, wannan na iya zama adireshin shagonta. Aikin `-map_metadata -1` ke nan a umarnin da ke sama, kuma ana tabbatar da ya yi aiki da wannan:

```
ffprobe -hide_banner fita.mp4
```

Gwaji kafin sakewa

Allon kwamfutar mai tacewa ba shi ne alƙali ba. A tura bidiyon zuwa wata waya mai araha, irin Itel ko Tecno da ke cike a shagunan titin Beirut, a kalle shi a can. A duba mahaɗar fuska lokacin da mai magana ta juya kai, domin motsi ne ke cinye bayanai. Idan murabba'ai sun bayyana a kumatu, kason ya yi kaɗan: a gajarta bidiyon ko a ƙara megabait. Idan an ga farin zobe a gefen fuska, an ƙara wa hoton kaifi fiye da kima, sai a cire. Kowane gyara daga asali za a sake fitar da shi, ba daga fayil ɗin da aka riga aka matse ba.

Dubawa mafi muhimmanci ita ce ta hoto bayan hoto. Bidiyon daƙiƙa 90 yana da hotuna 2,700. Manhajojin sauya fuska sukan rasa fuskar idan hannu ya gifta ta, ko an gyara mayafi, ko an kalli gefe sosai. A wannan ɗan lokaci ainihin fuskar na iya bayyana a hoto ɗaya ko biyu. Ido ba zai kama ba, amma wanda ke neman matar zai tsayar da bidiyon ya ɗauki hotonta. A kuma duba farkon bidiyon da kyau, tun da daga nan manhaja kan ciro hoton da ke bayyana a cikin hira. Murya, zobe, lalle da allon shagon da ke bayanta duk suna iya tona ta ko da fuskar ta ɓoyu.

Sanarwar da ba ta gogewa

Masu fim ɗin Chechnya sun bar ɗan dishi-dishi a gefen fuskokin da gangan, domin mai kallo ya san an sauya su. Ɗakin labarai ma wajibi ne ya faɗa. Rubutun da ke ƙarƙashin saƙo yakan ɓace idan an sauke bidiyon an sake ɗorawa, ko an tura shi ta Xender. Saboda haka a rubuta sanarwar a jikin hoton, daga farko har ƙarshe: “An sauya fuskar mai magana domin kare ta.” A yi ta da manyan fararen haruffa a kan baƙin shimfiɗa. Siririn jan rubutu yakan narke, domin wannan tsarin matsa yana ajiye bayanin launi ɗaya ne kawai ga kowane fiksel huɗu, alhali kowane fiksel yana da nasa bayanin haske.

Ɗora fuskar mutum ba da izininsa ba wani lamari ne daban. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya shafi wasu nau'o'in saƙonnin ƙarya, kuma a Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala ashirin-ashirin kan bidiyon barkwanci na TikTok da aka ce ya ɓata sunan gwamna.

Ga mai kallo ma akwai darasi. Binciken FaceForensics++ na 2019 ya nuna cewa gano fuskar bogi yana ƙara wuya yayin da matsa ta tsananta. Ke nan dishi-dishin bidiyo ba hujja ba ce cewa na bogi ne, ba kuma hujja ba ce cewa na gaske ne. Idan bidiyon wani ɗan siyasa ya faɗo zauren WhatsApp na unguwa, abin tambaya shi ne wa ya fara sakinsa, kuma a hannun wa fayil ɗin asali yake.