Ciniki Ya Ce Dubu 220, Banki Ya Ce Dubu 174: Ina Sauran Kuɗin?

Duk mai shagon da ke karɓar kuɗi ta intanet ya san wannan faɗuwar gaba. Littafin oda ya nuna an yi ciniki mai kauri jiya, amma alat ɗin da ya shigo yau da safe bai kai ba. Nan take zargi ke tashi, ko dai kamfanin da ke karɓar kuɗin ya yi rub da ciki a kan wani abu, ko yaron shago ya taɓa. Sau da yawa babu wanda ya ci ko sisi. Littafin shago yana lissafa abin da aka sayar a rana ne, shi kuwa rahoton kamfanin yana lissafa abin da ya rage bayan an cire caji da kuɗin da aka mayar wa masu saye, kuma ranarsa ba lallai ta zo daidai da ta shago ba. Don haka ɗora jimla a kan jimla ba ya warware komai, sai an bi oda ɗaya bayan ɗaya.

Mu ɗauki Paystack, kamfanin da aka kafa a 2015, wanda Stripe na Amurka ya saya a 2020. Farashin da aka daɗe da saninsa da shi a kan biyan cikin gida shi ne kashi 1.5 cikin ɗari, da ƙarin naira 100. Ana yafe naira ɗarin idan cinikin bai kai naira 2,500 ba, kuma komai girman ciniki cajin ba ya wuce naira 2,000. Kuɗin kan sauka a asusun mai shago washegari, idan ranar aiki ce. Farashi kan canza, saboda haka kowa ya duba wanda ke cikin yarjejeniyarsa, amma hanyar lissafin ɗaya ce ko da wane kamfani kake hulɗa.

A ce wata mai sayar da atamfa da turare ta rubuta oda biyar ranar Litinin: turare na naira 2,000, mayafi na 10,000, atamfa ta 40,000, kayan lefe na 150,000, da leshi na 18,000. Jimla naira 220,000. Ranar Talata alat ya shigo da naira 174,020. Giɓin naira 45,980 ke nan.

Abin da za ta fara tambaya shi ne, duk odar nan ta hannun kamfanin aka biya? Da ta duba, mai leshin kai tsaye ta tura kuɗi asusun shago, ta aiko da hoton shaidar biya ta WhatsApp. Wannan 18,000 ɗin tana banki tun Litinin, ba ta da alaƙa da rahoton kamfanin. Saura oda huɗu, naira 202,000.

Sai caji, kuma a nan ne mutane suka fi tuntuɓe, domin sukan ɗauki jimlar su cire kashi 1.5 gaba ɗaya. Caji kuwa a kan kowace oda ake yanka shi. Turaren 2,000 an cire masa naira 30 kacal, tunda bai kai 2,500 ba. Mayafin an cire 150 da 100, wato 250. Atamfar 600 da 100, wato 700. Kayan lefen da lissafi zai ba da 2,350, amma an tsaya a 2,000 saboda iyakar da aka sa. Gaba ɗaya caji ya kama naira 2,980, abin da ya rage 199,020. Wanda ya cire kashi 1.5 daga jimlar zai samu 3,030, ya wuni yana neman naira 50 da ba ta ɓata ba. Mai amfani da Excel zai iya sa kuɗin oda a gidan A2, wannan ƙa'idar ta fitar masa da cajin da ya kamata:

```
=MIN(2000, A2*0.015 + IF(A2<2500, 0, 100))
```

Har yanzu akwai naira 25,000 tsakanin 199,020 da abin da ya shigo. Lamba ce cikakkiya babu ɗigon canji, kuma irin wannan giɓin yakan nuna oda guda ce sukutum. Makon jiya wata ta sayi atamfa ta 25,000, ta dawo da ita, mai shago ta danna a mayar mata da kuɗinta. Kamfanin ba daga aljihunsa yake biya ba, daga kuɗin mai shago da ke hannunsa yake cirewa. Cinikin na makon jiya ne, cirewar kuwa ta faɗo a kan kuɗin Litinin. Yanzu lissafi ya rufe: 18,000 da 2,980 da 25,000 sun ba da 45,980 cif.

Akwai wata ƙaramar asara a ɓoye cikin mayarwar nan. Lokacin da aka sayi atamfar, an yanki cajin naira 475, mai shago ta karɓi 24,525. Da aka mayar, mai saye ta karɓi 25,000 ɗinta cikakkiya, cajin kuwa bai dawo ba. Haka tsarin kamfanoni da yawa yake. Wanda ya goge odar daga littafi kamar ba a taɓa yin ta ba, zai bar naira 475 tana yawo babu mazauni. A ganina goge oda shi ne mafi munin ɗabi'a a wannan aiki. A bar ta a inda take, a buɗe sabon layi na mayarwa da ranarsa da lambar odar asali, cajin kuma a rubuta shi cikin kuɗin da shago ya kashe. Haka ma idan rabin kaya aka dawo da shi, abin da aka mayar kaɗai za a rubuta.

Abin da ke ɗaure littafin biyu wuri guda shi ne lambar shaida da kamfanin ke ba kowane biya, wadda ke fitowa a rahoto ƙarƙashin reference. Suna ba abin dogaro ba ne, domin miji kan biya wa matarsa da katinsa. Adadin kuɗi ma haka, mutum uku na iya sayen mayafin 10,000 a rana ɗaya. A kwafe lambar nan a gefen kowace oda tun lokacin biya. Idan alat ya shigo, a buɗe shafin kamfanin, a sauke jerin cinikin da ke cikin wannan turin kaɗai a fayil na CSV, sannan a bi layi-layi ana sa alama.

Layin da ya rage babu abokin tafiya shi ke faɗin inda matsala take. Oda tana littafi amma babu ita a rahoto: ko dai an biya ta da tsakar dare ta faɗa cikin turi na gaba, ko biyan bai yi nasara ba aka saki kaya a kan hoton shaida. Cinikin Juma'a da Asabar da Lahadi yakan taru ya sauka ranar Litinin, hutun Sallah kuma ya ƙara jinkirta shi. Idan kuma biya yana rahoto babu odarsa, mai yiwuwa wani ya biya sau biyu da netwok ya yi masa gardama, kuma wannan kuɗin haƙƙinsa ne, a neme shi a mayar masa. Cirewar da mai shago bai ba da umarninta ba kuwa, galibi mai kati ne ya kai ƙara bankinsa cewa bai san da cinikin ba. Irin wannan ƙara tana da wa'adi, wanda bai gabatar da rasit da shaidar kai kaya a kan lokaci ba ya rasa kuɗin.

Saboda wa'adin nan ne bai dace a bar aikin sai ƙarshen wata ba. A yi shi duk ranar da alat ya shigo, tun ana iya tuna wa ya sayi me. Idan bayan an cire caji da mayarwa da bambancin rana wani abu ya rage, sai a rubuta wa kamfanin da lambar biyan, da ranarsa, da adadin da ake nema.