Layin Ƙididdiga: Abin da Ake Faɗa da Abin da Yake Gaskiya

Akwai maganganu uku da ke yawo a bakin ɗalibai masu rubuta kundin kammala karatu game da layin y = a + bx. Mu gwada su da misali. A ce gonaki biyar ne masu girma ɗaya, an zuba musu taki buhu 1, 2, 3, 4 da 5, suka ba da masara buhu 12, 17, 20, 21 da 20. Idan ka sa `SLOPE` da `INTERCEPT` a Excel, za ka samu b = 2, a = 12.

Ana cewa b = 2 na nufin kowane buhun taki zai ƙara maka buhu biyu na masara. Rabinta gaskiya ne. Biyun nan matsakaici ne, kuma tsakanin buhu 1 zuwa 5 kawai yake aiki. Bai tabbatar da cewa takin ne sanadi ba, domin wataƙila mai kuɗin taki shi ne kuma mai kuɗin noma a kan lokaci.

Ana kuma cewa a = 12 shi ne amfanin gonar da ba ta ga taki ba. Wannan ba shi da madogara. Babu irin wannan gona cikin biyar ɗin. Layin ne aka ja har ya kai sifili. Ai gonar da ta sha buhu ɗaya ma 12 ta bayar.

Ta ukun ta fi damuna: wai in ragowa ta haɗu ta ba da sifili, layi ya zauna daidai. Ragowa ita ce abin da aka girba, a cire abin da layi ya yi hasashe. Layinmu ya ce 14, 16, 18, 20, 22, don haka ragowar ita ce −2, +1, +2, +1, −2. Jimillarta sifili, amma ko da yaushe haka take fitowa, tsarin lissafin ne ya tilasta. Abin dubawa shi ne jerinta: ƙasa a gefe biyu, sama a tsakiya. Wannan baka ne, wato amfanin taki yana raguwa yayin da ake ƙarawa. Buhu na biyu ya zo da ƙarin 5, na biyar kuwa ragin 1. Miƙaƙƙen layi ya ɓoye wannan, duk da R² ya kai 0.74.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce. A 1973 Francis Anscombe ya fitar da rukunin bayanai huɗu, kowanne ɗigo 11, duk layinsu kusan y = 3 + 0.5x. Da aka zana su, ɗaya lanƙwasa ne, wani kuma ɗigo guda ne ya riƙe layin gaba ɗaya.

Gonaki biyar sun yi kaɗan a yanke hukunci, amma sun isa a yi shakka. Kafin ka gaya wa manomi ya sayi buhu na shida, zana ragowarka ka duba.