Kafin ka aika da wasiƙar da ka rubuta cikin fushi

A watan Afrilun da ya wuce, wani ƙanena mai fataucin albasa ya ɗora buhu 300 a Tamaske zuwa Abijan. Kamfanin sufurin da ya yi jinga da shi ya ce kwana bakwai za a yi a hanya, sai aka yi goma sha uku. Da aka sauke kaya, buhu 40 sun ruɓe. Da daddare ya same ni a gida nan Tawa, ya miƙo mini salularsa ya ce, "Yaya, duba wannan imel kafin in tura musu." Da Faransanci ya rubuta, amma ga abin da yake nufi:

"Ku ɓarayi ne, kullum haka kuke cutar talaka. Da gangan direbanku ya ajiye mini kaya a rana. Za ku san da wa kuke yi!"

Gaskiyarsa ce ya yi fushi. Sai dai a duk saƙon babu ranar lodi, babu lambar mota, babu adadin asara, babu abin da yake so a yi masa. Ma'aikacin da zai buɗe shi a ofis bai da abin da zai kai wa maigidansa sai zagi, kuma zagin zai zama abin tattaunawa, a manta da albasa.

Muka bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: idan aka ce ka kawo shaida, kana da ita? Buhu 40 sun ruɓe, akwai hotuna, kuma dillalin da ya karɓi kayan ya ƙirga. An yi kwana goma sha uku, takardar lodi da ranar sauka sun nuna. Amma "da gangan" fa? Bai shiga zuciyar direba ba, mai yiwuwa mota ce ta lalace ko an tsare su a kan iyaka. "Kullum" kuwa, sau biyu kacal ya taɓa hulɗa da su, kuma na farkon lafiya aka rabu. Da kalma ɗaya irin wannan za su ƙaryata shi, daga nan kuma sai su sa shakka a kan sauran maganarsa ta gaskiya.

Kalmar "ɓarayi" ta fi sauran hatsari. Nijar tana da dokar laifuffukan intanet tun 2019, kuma gyaran da aka yi mata a watan Yunin 2024 ya maido da ɗaurin shekara ɗaya zuwa uku a kan zagi ko ɓata suna ta hanyoyin sadarwa na zamani. Imel ba ya bin iska kamar cacar baki a tasha, ana ajiye shi, ana buga shi a takarda. Ƙanen nawa har ya sa adireshin wasu 'yan kasuwa a layin Cc don su gani, na ce ya cire su.

Da ya sake rubutawa sai ya zarce ɗaya ɓangaren. Mu mutanen Adar ba mu iya shiga magana ba gaisuwa, to shi ya jero gaisuwa da ban haƙuri har ya ƙare da "in da hali ku duba." Wannan ma asara ce, domin wanda ya karanta zai ɗauka an riga an yafe. Gaisuwa layi ɗaya ta isa. Ga yadda na ukun ya fito, bayan ya sa lambar takardar lodi a layin Objet:

"Bayan gaisuwa. Ranar 4 ga Afrilu motarku ta ɗauki buhun albasa 300 nawa daga Tamaske, bisa alkawarin isa Abijan cikin kwana bakwai. Ta isa ranar 17. Buhu 40 sun ruɓe, ga hotuna da takardar lodi a haɗe. A farashin ranar, jika 20 kowane buhu, asarata jika 800 ce. Ban yarda in ɗauki wannan asara ba. Ina neman ku bayyana mini dalilin jinkirin, ku kuma biya ni kafin ranar 30 ga wata. In ban ji daga gare ku ba, zan kai maganar ga ƙungiyarmu ta 'yan albasa."

A lura, jimlar ƙarshe ba barazana ba ce irin "za ku sani". Mataki ne da yake da ikon ɗauka, kuma ya yi niyyar ɗauka. Wanda bai shirya zuwa kotu ba kada ya ambaci kotu.

Ko wannan ɗin ban bar shi ya tura a daren ba. Ya kwana a Brouillons, layin adireshi a wofi don kada yatsa ya zame. Bayan sallar asuba ya karanta shi da ƙarfi, kamar mai kamfanin na zaune gabansa tare da wani dattijo da suke jin nauyi, ya cire alamar motsin rai guda biyu da suka rage, sannan ya tura.

Mai karatu, idan kana da irin wannan saƙo a salularka yanzu, goge adireshin da ke samansa tukuna, ka je ka nemo takardar lodinka.