Umarni Ɗaya a Ƙarƙashin Hoton Kaya

A Kantin Kwari, idan mace ta tsaya tana shafa atamfa, magana ɗaya yaron shago yake yi mata: "Hajiya, shigo ki gani." Ya san idan ta shigo, ciniki ya kama hanya. Amma da kasuwa ta koma cikin waya, masu sayarwa da yawa sun manta da wannan dabara.

A ɗauki misalin mai sayar da turaren wuta a Instagram. Ta ɗora hoton kwalabe, ta rubuta: a bi shafinta, a tura wa ƙawaye, a yi sharhi, a kira waya, a zo gida. Umarni biyar ke nan ga wadda babban yatsanta ke shirin wucewa. Ita kuwa mai kallo, mafi sauƙi za ta ɗauka: ta danna alamar so, ta yi gaba.

Masana sun gwada makamancin haka. A binciken da Sheena Iyengar da Mark Lepper suka wallafa a 2000, an baje jam na shafa wa burodi a wani kanti a Kaliforniya. Da aka jera iri 24, kashi 3 cikin ɗari na waɗanda suka tsaya ne suka saya. Da aka rage zuwa iri 6, sai kashi 30 suka saya. Ba kowane gwaji na baya ne ya ba da irin wannan sakamako ba, amma ya nuna yadda yawan zaɓi kan sa mutum ya ce sai anjima.

To wane umarni za ta bari? Wanda ya fi kusa da kuɗi. Idan a WhatsApp take kammala ciniki, sai ta rubuta: "Turaren wuta ɗan Maiduguri, kwalba naira 5,000. Turo kalmar TURARE ta WhatsApp a lambar nan." Sauran buƙatun su jira nasu hoton.

Wurin da aka sa umarnin ma yana da tasiri. Instagram na yanke dogon rubutu bayan layukan farko, sai an danna kafin a ga saura, don haka farashi da umarni su zo a sama. Kuma adireshin intanet da aka liƙa cikin rubutun ba ya dannuwa, shi ya sa ake ajiye shi a bayanin shafi.

Akwai alamar da ke nuna talla ya rarrabu: masu yabo sun yi yawa, ana ta tambayar "nawa ne?" a sharhi, amma babu oda. Mai turaren za ta iya gwadawa da kanta. Ta yi mako ɗaya da tsohon rubutu, mako ɗaya da sabo, da hoto ɗaya da farashi ɗaya, sannan ta ƙirga saƙonnin da suka shigo da waɗanda suka kai ga biyan kuɗi.