Suna ɗaya, butali ɗaya, magana ɗaya: abin da ke riƙe mai saye na nesa

Yau ƙungiyoyin mata da yawa a jihar Maraɗi na tallar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta WhatsApp da Facebook. Mai saye kuwa sau da yawa yana Abidjan ko Agadas, ya biya kuɗi a kai wa tsohuwarsa a ƙauye. Ba ya iya ɗanɗanawa, ba ya iya shinshinawa. Abu uku kawai gare shi: hoton da ya gani a salula, butalin da aka kai gida, da muryar da ta amsa masa kira. In ukun nan ba su faɗi abu ɗaya ba, zargi ya shigo.

Mu ɗauki misali. A ce wata ƙungiya ta sa hoton butalin lita ɗaya, mai murfi a liƙe da koriyar takarda, an rubuta 1.500 F. Wani ɗan ci-rani ya yi odar lita goma. Da ya kira, yarinyar da ta ɗauka ta ce: «Ɗari uku ne.» Gaskiya ta faɗa, don da dala take lissafi, kuma dala ɗari uku ita ce 1.500 F, jika ɗaya da rabi. Amma shi ya daɗe a waje, sai ya tsaya yana tunani: farashi biyu ne? Aka ba shi lambar da zai tura jika goma sha biyar, sai ga sunan wani namiji wanda ba ya kan shafin. Mijin shugabar ne, amma wa ya gaya masa?

Da man ya iso, butalan ƙungiyar sun ƙare, an zuba shi cikin tsofaffin robobin ruwa na lita ɗaya da rabi: shida cike, na bakwai da lita ɗaya. Lita goma ce cif. Tsohuwa dai ta ƙirga bakwai, ta kira ɗanta ta ce ba su cika goma ba, kuma babu takarda a jiki.

Kun ga, ba wanda ya cuci wani, man kuma mai kyau ne. Amma sau uku mai saye na ganin abin da bai yi daidai da hoto ba, kuma kowane ɗaya ya yi kama da dabarar ƴan damfara. Ba zai yi faɗa ba, wata mai zuwa wajen wasu zai saya. Akwai kuma wata ɓarna: in kayanku na fita yau a wannan roba, gobe a waccan, wanda ya gauraya mai ya sayar da sunanku ba a iya rarrabe nasa da naku.

Gyaran ba ya son kuɗi mai yawa. A zauna a cika takarda guda, a manna ta inda ake aiki.

Na farko, suna. Mu a Nijar muna rubutu iri biyu, na Faransanci da na Hausa: Tchima da Cima, kilichi da kilishi. A zaɓi ɗaya, shi ne a kan butali, a shafi, da kan rasit. Wanda ya nemi Tchima a Facebook ba lalle ya ga Cima ba.

Na biyu, awo da farashi. A rubuta lita nawa, a rubuta kuɗin da sefa, a kuma yarda a kan yadda za a faɗe shi a waya: «Jika ɗaya da rabi, wato 1.500.» Ranar da gyaɗa ta yi tsada aka ƙara kuɗi, a cire tsohon hoto a ranar.

Na uku, lamba. Wadda ke kan takardar butali ita ce ta shafi. In wani ne ke karɓar kuɗi, a rubuta sunansa a fili tun kafin a tambaya.

Na huɗu, alkawari. In shafi ya ce ana musanya butalin da ya fashe a mota, duk wanda ya ɗauki waya ya san da haka.

Ba a ce kada a canza komai ba. Butali na iya ƙarewa a kasuwa. Abin da ake so, a ɗauki hoton wanda za a tura, a nuna wa mai saye kafin ya biya. Kuma kyan takarda ba ya gyara man da ya yi ɗaci.

Ga yadda za ku auna kanku. Ku sa wata ƴar'uwa da ba a san muryarta ba ta kira ta tambayi farashi da awo, sannan ku ajiye butali kusa da hoton da ke salula. In kuna yawan jin «Naku ne kuwa?» ko «Turo hoto in gani tukuna», to wani abu cikin ukun nan ya kauce, sai a nemo shi.