Abin da ke sa haruffan ƙ, ɗ da ɓ su rikiɗe idan an buɗe fayil ɗin CSV

A ce magatakardan wata makaranta ya tattara sunayen ɗalibai a Google Sheets, ya sauke su a fayil ɗin CSV, sannan ya buɗe shi a Excel. Yana dubawa sai ya ga Ɗanladi ya koma ÆŠanladi, Ƙaura ta koma Æ˜aura, alamar ₦ kuma ta zama â‚¦. Idan ya nemi sunan ɗalibi ba zai same shi ba, idan kuma aka buga takardar sakamako a haka, sunan ba zai dace da na sauran takardun yaron ba.

Wasu kan ɗauka bairos ne ya shiga kwamfutar. A gaskiya fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, karanta shi ne aka yi ba daidai ba.

Inda matsalar take

Kwamfuta ba ta ajiye haruffa, lambobi take ajiyewa, waɗanda ake kira bayit. Akwai kuma tsare-tsare daban-daban na faɗin wace lamba ce ke wakiltar wane harafi. Tsarin UTF-8, wanda akasarin shafukan intanet ke amfani da shi, yana rubuta a, b ko k da bayit ɗaya, amma haruffa masu ƙugiya bayit biyu suke ci. Misali, ƙ ana ajiye shi ne da C6 da 99.

Shi fayil ɗin CSV rubutu ne zalla, ba shi da gurbin da ake bayyana tsarin da aka bi wajen rubuta shi. Saboda haka idan aka danna shi sau biyu, Excel yakan karanta shi da tsohon tsarin da ke kan kwamfutar, galibi Windows-1252. Wannan tsari an yi shi ne domin harsunan Yammacin Turai, gurabensa 256 ne kacal, kuma babu ƙ, ɗ ko ɓ a ciki. A wurinsa kowane bayit harafi ne mai zaman kansa: C6 shi ne Æ, 99 kuma ™. Ta haka ƙasa ke komawa Æ™asa, ɗaki ya koma É—aki. A Jamhuriyar Nijar ma ana gamuwa da irin wannan a rubutun Faransanci, inda Tillabéri ke fitowa TillabÃ©ri.

Yadda ake gane irin ɓarnar

Idan harafi ɗaya ya zama biyu ko uku masu farawa da Æ, É, Ã ko â, to bayanan na nan daram, sake buɗewa kawai ake buƙata. Idan alamar � ce ta fito, akasin haka ne ya faru, wato an karanta fayil ɗin tsohon tsari a matsayin UTF-8, kuma shi ma yana gyaruwa muddin ba a adana shi a haka ba. Wadda ta fi muni ita ce alamar tambaya. Idan aka ga ?anladi a cikin fayil ɗin kansa, harafin ya riga ya salwanta, ba yadda kwamfuta za ta san ko Ɗ ne ko Ƙ.

Gyara

Magatakardan ya rufe fayil ɗin ba tare da ya adana ba. Ya buɗe sabon shafi a Excel, ya shiga Data, ya zaɓi From Text/CSV, ya nuna fayil ɗin. A akwatin File Origin sai ya zaɓi 65001: Unicode (UTF-8). Zai ga sunayen sun daidaita tun a samfurin da ake nunawa, daga nan ya danna Load.

Sai dai babban hatsarin yana zuwa ne bayan an gyara. Idan ya adana aikin da CSV (Comma delimited), Excel zai koma tsohon tsarin, duk harafin da babu shi a can kuma ya maye shi da alamar tambaya. Wanda ya kamata ya zaɓa shi ne CSV UTF-8 (Comma delimited). Wannan yana sanya bayit uku, EF BB BF, a farkon fayil, alamar da ake kira BOM, wadda ke sanar da Excel tsarin da zai bi idan an sake buɗewa. Wasu manhajojin ba su gane alamar ba, shi ya sa akan ga ï»¿ manne da sunan ginshiƙin farko.

Gyara sunaye ɗaya bayan ɗaya da hannu ɓata lokaci ne, kuma sai wani ya kuɓuce. Abin da ya fi shi ne a ajiye kwafin fayil na asali a gefe kafin a taɓa komai, domin idan alamar tambaya ta cinye haruffa, wannan kwafin ne kaɗai zai dawo da su.